Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ranar da mijina ya cika kwana arba'in da rasuwa na fara ganin ruwan. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina a Zurmi, matan da suka zo rabon gumba sun watse, sai na ji gaban rigata ya yi sanyi. Na duba na ga ɗigo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Na shiga ɗaki na ɗaga rigar na matsa, wani farin ruwa tsinkakke ya fito, bai kai rabin cokalin shayi ba. Na goge da bakin zane na koma na zauna inda na taso. Ban tsorata ba, ban kuma yi murna ba. A kwanakin nan ko ce mini aka yi ɗakin ya rushe, iyakata in ce to.

Mijina direba ne, yana ɗaukar buhunan gero da dawa tsakanin Shinkafi da Ƙaura. A wannan hanyar tayar gaba ta fashe masa da kaya niƙi-niƙi, aka kawo mana shi a naɗe cikin tabarma. Ni 'yar Shinkafi ce, a tashar garinmu ma ya fara ganina. Shekararmu shida da aure ban taɓa haihuwa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Al'adata dama ba ta da alkawari, ta zo wannan watan, ta yi wata biyu ko uku ba ta leƙo ba. Sau nawa muka ɗauka an dace, sai ta dawo ta ba mu kunya. Na sha rubutu, na sha jiƙe-jiƙe, asibiti ne kawai ba mu taka ba, don shi kullum cewa yake gaggawar me ake yi, yara ne mu. Lokacin da ya rasu na yi wata biyu ban gan ta ba, kuma ban sa abin a raina ba saboda na saba.

Gidan mu uku ne dama, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma namijin da ya rayu mata, sauran mata ne suna gidajen mazansu. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce wancan, ko mai motar nan. In ya gaishe ta bango take kallo ta amsa. In ya kawo mata tsarabar goro sai ta ce in ajiye can, kamar an kawo mata abin da ba ta so, in ya fita kuma ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane. Ranar da aka kawo gawarsa tana tankaɗe, kuma sai da ta ƙarasa tankaɗen ta kife rariya sannan ta tashi. Har aka share makoki ba wanda ya ga hawayenta.

Ita ta fara lura da tabon a rigata, kwana uku bayan na gan shi. Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta yi magana.

"Ke, yaushe rabonki da hwashin salla?"

Na ce, "Tun shina da rai, Inna."

 Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ita ta yanke wa mijina cibiya. Tsohuwar ta kwantar da ni a tabarma, ta daddanna mini mara da hannunta mai sanyi, ta buɗe idona ta duba, ta matsa nonon ta murza ruwan tsakanin yatsunta. Ta ce ciki ne, wata na uku ko na huɗu. Inna ta juya ta fuskanci bango kamar yadda take yi in ɗanta ya gaishe ta, na ga kafaɗunta suna rawa.

Daga ranar aka hana ni jan ruwa a rijiya, aka hana ni daka, aka hana ni tsallaka ko da muciya ce. Inna da ta ba shekara sittin baya ita ke cika buta biyu kowace salla, ta ajiye mini tawa a bakin ƙofa. Ta raɗa wa abin da ke cikina suna Baƙo. Kowace safiya bayan mun sha kunu sai ta shigo ɗakina da wani ƙaramin cokali da ta keɓe, ta miƙo mini ta kau da kai, ta ce, "Mu ga abincin Baƙo." In juya mata baya in matsa ɗigo uku ko huɗu a ciki. Ta kai bakin ƙofa wajen haske ta duba, ta yi hamdala, ta wanke cokalin ta mayar cikin kwallarta. Duk son da kunya ta hana ta nuna wa ɗanta shekara talatin da wani abu, a kan cokalin nan ta sauke shi.

Ni kuwa ina cikin takaba, ba kwalli ba lalle ba turare, zane ɗaya riga ɗaya sai ranar Juma'a in wanke. Ban yarda da cikin ba, ban kuma ƙaryata shi ba. Abin da aka ba ni in ci, in aka ce kwanta in kwanta. Wani lokaci nakan ɗora hannu a marata in saurara ko zan ji wani abu, sai in ji kukan hanjina.

Wata huɗu da kwana goma suka cika, cikina yana nan shafe kamar faranti. Aka sake kiran ungozoma. Wannan karon ta daɗe tana lalube, sannan ta zauna ta karkaɗe hannu.

"Shina nan. Kwanciya yay yi. Hirgitar da ta yi ran da anka kawo gawa ita tak kwantar da shi."

Ta ba mu labarin wata mata a Banga da nata ya kwanta shekara uku, ya tashi ta haifi namiji da haƙoransa biyu. Kowa a garinmu ya san wata da ta san wata da haka ta faru da ita. Inna ta aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce muddin ana zaton ciki kuma jini bai zo ba, takaba ba ta fita ba, sai a jira abin ya bayyana. Ƙannena da suka zo daga Shinkafi da sabon zane da sabulu don wankan fita takaba suka koma da kayansu.

Haka aka shiga tada ciki. Na sha saiwoyi masu ɗaci da ban san sunansu ba, na sha rubutu da zuma, an turara ni har idona ya yi ja. Azumi ya zo na yi talatin cif ban sha ko ɗaya ba. Inna ta so ta hana ni saboda Baƙo, ungozoma ta ce wanda ke barci ba ya jin yunwa. Bayan ƙaramar salla na ji Inna ta katanga tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa surukarta shekara guda ke nan ba ta ajiye salla ko ta wuni ɗaya ba, in ba ciki ba mene ne. Da alfahari take faɗa, kamar wata lambar yabo na ciyo. A lokacin kaina ya fara yi mini wani ciwo mara ƙarfi a tsakiyar goshi, wanda ba ya kwantar da ni kuma ba ya tafiya.

Yayata da ke aure a Ƙaura ita ta gaji. Tela ce, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Ta zo ta same ni na yi baƙi na yamutse cikin zanen da ya koɗe, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ko tulu aka ce yana da ciki ya fi ni alama. A gaban Inna kuwa ta durƙusa ta yi ladabi, ta ce so take ta kai ni awon ciki, a ga lafiyar Baƙo, mu dawo kafin la'asar. Inna ta yarda da ƙyar. Ta raka mu har zaure tana ja wa yayata kunne kada a sa ni a bayan babur, a nemi gaban mota.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ta kai ni, can bayan kasuwar hatsi. Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba, hausarta ta mutanen gabas. Aka karɓi fitsarina, aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara aka yi sikanin. Ta juyo da allon ta nuna mini wani abu mai toka-toka, ta ce wannan ce mahaifata, lafiyarta ƙalau, kuma babu kowa a ciki. Yayata ta tambaye ta ko na kwance ma na'urar tana gani. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗa a ciki ko dai yana girma ko ya mutu, ba ya tsayawa ya jira, kuma da akwai shi ko yaya yake da ta gan shi.

Na kalli allon. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ban ji ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne fankar ɗakin tana da fiffike ɗaya a lanƙwashe.

Sai ta shiga yi mini tambayoyi. Ko ina shan maganin amai, ko na barci, ko irin na masu taɓin hankali, don wasunsu suna kawo ruwan nono. Na ce a'a. Ko ina yawan jin sanyi da kasala, ko wuyana ya taɓa kumbura. Ko kaina na ciwo. Ta sa na rufe ido ɗaya na kalli hancinta, tana kaɗa yatsu ta gefe tana tambaya ko ina gani, na ce ina gani. Ta duba nonon biyu ta ce babu ƙullutu, ruwan kuma fari ne ba jini. Ta ɗebi jinina ta ce za a aika Gusau, mu dawo bayan mako biyu.

Da na koma Zurmi na gaya wa Inna gaskiya, na ce an duba ba a ga komai ba. Tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na'ura mi tas sani? Wanda ak kwance ai ɓoyewa yakai."

Washegari ta shigo da cokalinta, na matsa, ruwa ya fito kamar kullum. Ta kai shi wajen haske ta daɗe tana kallo, sannan ta nuno mini shi.

Bayan mako biyu likitar ta buɗe takardar gwajin ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ke fitar da sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa bayan haihuwa. Firolaktin ta kira shi. Ta ce shi ne kuma ke sa mai goyo ta daɗe ba ta ga al'ada ba, don yana hana ƙwai fita. Nawa ya hau sama ƙwarai, jikina ya ɗauka shayarwa nake yi. Gwajin maƙoƙo ya fito lafiya, saboda haka abin da ta fi zato ɗan ƙari ne a wannan tsokar, irin wanda ba ciwon daji ba ne, wanda magani ke sa shi ya motse. Sai an yi hoton kai a Sakkwato za a tabbatar. An yi hoton daga baya, aka kuma same shi, ɗan mitsitsi. Da ta ji labarin cokalin Inna sai ta ce in daina, yawan matsawar ma yana ƙara kiran ruwan.

Na tambaye ta ko mutuwar mijina ce ta jawo mini. Ta ce ba ta zaton haka. Ta sa na sake ba ta labarin yadda al'adata take tun farkon aure, ta gyaɗa kai ta ce da alama abin ya daɗe, ruwan ne kawai bai fito ba sai yanzu. Sannan ta ƙara wata magana, ina jin don ta faranta mini rai. Ta ce yawancin masu irin wannan in sun fara shan magani al'adarsu takan dawo cikin 'yan watanni, da yawansu kuma su sami ciki, kada in ɗauka ni juya ce.

Yayata ta ce alhamdu lillahi. Ni lissafi na tsaya yi. Asibitin nan da inda mijina ke sauke buhuna ba su fi tafiyar minti biyar a ƙasa ba. Shekara shida yana wucewa ta ƙofarsa, wani lokaci ina gaban motar. Ƙwayoyin da ta rubuta mini farare ne ƙanana, a kemis ɗin da ke tsallaken titi muka saye su. Na riƙe ledar a cinyata har Zurmi, ban yi kuka ba, yunwa ma nake ji.

Inna ta ga ledar tun kafin in cire mayafi. Ta karɓa ta jujjuya kwalin, ita da ba ta karatun boko.

"Wanga na tada shi na?"

Na ce, "Likita ta ce zai gyara abin da ya tsaya."

Ban yi ƙarya ba, kuma na san sarai abin da ta fahimta. Na bar ta a haka. Har yau in na tuna wannan amsar ina jin kunyar kaina.

Sai ga shi Inna ce ta karɓi ragamar maganin. Likita ta ce a sha da abincin dare, a fara da rabi. Inna ta ajiye kwalin a kwallarta kusa da cokalin, da an idar da magariba ta zubo mini tuwo, ta tsaya a kaina sai na ci rabin malmala, sannan ta ɓallo ƙwayar da farcenta ta sa mini a tafin hannu da bisimilla. An gargaɗe ni cewa zai sa ni tashin zuciya da jiri a farko, ya kuwa sa. Kwana na uku na tashi da safe jiri ya ɗebe ni na dafa bango, na yi ta kelaya amai a bakin magudana. Inna ta riƙe mini goshi tana yi mini sannu cike da murna. Ta ce laulayi ne, Baƙo ya motsa. Ranar har 'yar tsamiya ta aika aka sayo mini, da yamma kuma na ji ta a madafa tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba tun da na zo gidan.

Na gaya mata likita ta hana matsawa, ta ce to, a bar wa mai abu abinsa. Cokalin ya zauna a kwalla. Cikin makonni kaɗan rigata ta daina jiƙewa, ciwon kan ya yi sauƙi, aman ma ya tsaya. Inna ta sayi yadi mai laushi ta ba yayata ta ɗinka 'yan riguna, yayata ta karɓa ta kalle ni, na kalli ƙasa. A hanyar raka ta zaure ta ce in ban gaya wa tsohuwar nan ba ita za ta gaya mata. Na ce ta bari, akwai mai gaya mata. Kullum da magariba ina miƙa hannu Inna tana sa mini abin da zai raba ta da jikanta, ina haɗiyewa da ruwan da ta ɗebo mini.

A mako na bakwai, wata Talata bayan azahar, na ji marata ta ɗaure irin ɗaurin da na manta da shi. Na zaga bayi na ga jini. Na daɗe a tsugune ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gindin katanga. Na san takabata ta ƙare, shekara ɗaya da wata biyar, ko gobe ina iya yin wanka in sa kwalli in tafi Shinkafi. Na nemi daɗin abin a raina ban samu ba. Na yagi tsohon zane na yi ƙunzugu, na koma ɗaki na zauna a bakin gado.

Aka kira la'asar. Ina jin Inna ta jawo guga, ta cika buta ɗaya, ta cika ta biyu. Takunta ya zo har bakin ƙofata, ta dire tawa inda take dire ta kullum. Ta je ta yi alwalarta, ta shimfiɗa tabarma a inuwar zogale, ta tsaya jirana, don tare muke yi tun da aka shiga takaba. Da ta ga shiru ta ɗaga murya kaɗan ta ce rana tana sanyi.

Na fito na tsaya a bakin ƙofa, butar tana gaban ƙafata.

"Inna, ku yi taku. Yau ba ni da salla."

Ta dube ni. Ta dubi cikina, ta dubi butar. Na shirya ta tambaye ni ko ɓari ne, na shirya ta ce maganin ne ya zubar da shi, na ma fi son ta faɗi hakan ta zage ni. Ba ta tambaya ba. Ina jin ta daɗe da sani a wani lungu na zuciyarta, wataƙila tun ranar da take tsince wake.

Ta juya gabas ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, hannun ya tsaya a saitin kunnenta. Sai ta zauna daɓas a kan tabarmar. Ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta, sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida. Ta sake kira. Shekara bakwai da wani abu ina gidan, ranar na fara jin sunan a bakinta.

Na ɗauki butar na mayar da ruwan cikin randa, na zo na zauna a gefen tabarmar, ban hau ba.